Ina son canza jikin bango kawai, amma tagogi da bakin rufi sai lalacewa suke

Abdulmalik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masu aiki da Stable Diffusion, AI ɗin nan mai zana hoto, a cikinmu. Wani Alhaji ne ya ba ni hoton gininshi, bene mai hawa ɗaya ta wajen Ƙofar Ƙaura, ƙasa shaguna uku, sama ofisoshi. Fentin ya koɗe, yana son ya sa tayil mai kama da dutse a fuskar ginin, kuma so yake ya ga yadda zai fito kafin ya sayi kaya. Sharaɗinshi guda ne: tagogi da ƙofofi da bakin rufi su tsaya yadda suke, don ba zai taɓa su ba.

Na shafe bangon da burushi a ComfyUI, na bar tagogin ban shafa ba, na sa `VAE Encode (for Inpainting)`, na kunna. Dutsen ya fito da kyau ƙwarai. Amma ƙarafan tagogin sun lanƙwashe kamar an gasa su, firam ɗin alminiyon ya ɓace a wasu wurare, rubutun allon wani shago ya koma abin da ba ya karantuwa, kuma a gefen hagu inda bango ne zalla sai ga wata ƙaramar taga da babu ita a ginin. Kwana biyu ina fama. Me nake yi ba daidai ba?

Malam Lawal mai tayil:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin damuwa ba ne ɗana. Leda za ka samu mai kauri ka rufe tagogin, ka bi gefen da salatif ɗin takarda. Siminti in ya bushe a jikin alminiyon, kankare shi sai ya bar tabo. Mu kafin mu fara ɗora tayil ɗin farko sai mun gama rufe komai.

Abdulmalik:
Baba Lawal, Allah ya ƙara girma. Ba a fara aikin ba tukuna, a hoto ne cikin kwamfuta nake son in nuna mashi.

Malam Lawal mai tayil:
To, na gane. Ina nan ina karatu, in an zo wurin da na sani zan sa baki.

Nura Ƙofar Sauri:
Oga Abdul, `denoise` ɗinka, wato ƙarfin canjin da ake yi wa hoton, ne ya yi yawa. Sauke shi zuwa 0.4, ka ƙara `Mask blur` ya kai kamar 20 don gefen ya narke da kyau. Ni haka nake yi a AUTOMATIC1111 kuma taga ba ta taɓa lalace mani ba. Duk abin da ba ka shafa ba, na'ura ba ta taɓa shi.

Abdulmalik:
Na gwada 0.4 yanzu. Bangon ya koma toka-toka kamar an shafa ɗanyen siminti, babu dutse babu fenti. Ƙarafan tagar kuma har yanzu a lanƙwashe.

Anti Bilkisu:
Abdulmalik, kafin in ce komai ba ni abu uku. Girman hoton da Alhajin ya turo, girman da ka mayar da shi kafin ka saka, da kuma tsawon ƙofar shago ɗaya a cikin hoton da ka rage, fiksel nawa ne daga ƙasa zuwa sama.

Abdulmalik:
Anti, asalin 4000 da 3000 ne. Na rage shi zuwa 1024 da 768 saboda kwamfutata ba ta ɗaukar fiye da haka. Ƙofar ta kai fiksel 210, a ƙasa kuma na auna ta mita 2.1 ce.

Anti Bilkisu:
Madalla, lissafin ya zo da sauƙi. Fiksel ɗaya a hotonka santimita ɗaya ne a jikin ginin. Riƙe wannan, shi zai warware maka kusan komai.

Model ɗin ba ya aiki a kan hotonka kai tsaye. Sai VAE, wata na'ura da ke tare da shi, ta fara matse hoton, ta rage tsawo da faɗi sau takwas takwas, a yi aikin a can, sannan ta sake buɗe shi. Ma'ana duk murabba'in fiksel 8 da 8 ya koma ɗigo guda. A ginin Alhaji ɗigo guda ya ƙunshi santimita 8 da 8. To rodin tagar milimita 12 ne ko kusa da haka, wato fiksel ɗaya da ɗan ɗoriya. Firam ɗin alminiyon bai wuce santimita 5 ba. Dukansu sun fi ɗigo guda ƙanƙanta. Idan VAE ta zo buɗewa ba ainihin rodin take dawo maka da shi ba, kamanninshi take zanawa, shi ya sa ka gan shi a lanƙwashe. Rubutun allon ma hanyar da ya bi ke nan. Kuma wannan matsewa da buɗewa hoton gaba ɗaya ake yi wa, da inda ka shafa da inda ba ka shafa ba.

Saboda haka maganar Nura cewa abin da ba ka shafa ba ba a taɓa shi, gaskiya ce a manhajarshi, ba gaskiya ba ce a taka. AUTOMATIC1111 idan ta gama takan ɗauko hoton da ka ba ta ta manna a kan wuraren da ba a shafa ba, ba tare da ta gaya maka ba. ComfyUI ba ta yin haka sai ka sa da hannunka. Abin da ya fito daga `VAE Decode` sabon hoto ne daga kusurwa zuwa kusurwa.

Firam ɗin da ya ɓace kuma, duba cikin `VAE Encode (for Inpainting)` za ka ga `grow_mask_by` yana kan 6. Yana faɗaɗa maskinka, wato wurin da ka shafa, da kusan fiksel uku ta kowane gefe. Kusan santimita uku ke nan, firam ɗinka kuwa biyar ne kacal. Ya cinye kusan rabinshi.

Nura Ƙofar Sauri:
Anti na yarda da batun mannawa, ban san da shi ba. Amma tokar da ta fito mashi fa? Ni 0.4 ba ta taɓa ba ni toka ba.

Anti Bilkisu:
Domin kai kana barin `Masked content` a kan `original`, tsohon bangon yana nan a ƙarƙashi model yana gini a kanshi. Shi kuma akwatin da ya yi amfani da shi, aikinshi na farko shi ne ya goge wurin da aka shafa ya cika shi da ruwan toka. An yi shi ne don a kunna da `denoise` 1.0. In ka sauke zuwa 0.4, ka ce wa model ya riƙe fiye da rabin abin da ya tarar, abin da ya tarar kuwa toka ce. Wanda yake son ya sauke `denoise` a ComfyUI sai ya bi ta `InpaintModelConditioning`, ko kuma `VAE Encode` na yau da kullum haɗe da `Set Latent Noise Mask`.

Batun `Mask blur` 20 kuma Nura, wannan na gyaran fuska ne ko gajimare, inda ake son abu ya narke cikin abu. Gini ba haka yake ba. Inda bango ya ƙare nan alminiyon ya fara, babu tsaka-tsaki. In ka sa 20 a hoto irin na Abdulmalik, dutsen zai yi hayaƙi ya shiga cikin gilashi. Je ka buɗe tsoffin ayyukanka ka zuƙo gefen taga sosai, za ka gani.

Nura Ƙofar Sauri:
Na duba guda ɗaya. Akwai shi kam, ɗan duhu-duhu a gefen firam. Mai aikin dai bai lura ba.

Hassana:
Anti ni ɗaliba ce, ina ajin ƙarshe a fannin zanen gine-gine, tambayata ƙila ta yara ce. In matsalar faɗaɗa maski ce, me zai hana ya rage shi? Ya sa `grow_mask_by` a 0, ya ma ja maskin baya da fiksel uku daga kowace taga, shi ke nan dutse ba zai kai ga firam ba.

Anti Bilkisu:
Tambaya ce mai kyau ƙanwata, kuma kowa nan yake fara zuwa. In ya yi haka firam zai tsira, amma za a bar siririn layin tsohon fenti ya zagaye kowace taga da kowace ƙofa. Ginin fentinshi ruwan madara ne, dutsen kuma mai duhu, sai ka ga kowace taga da farin zobe. Ido yana kama wannan tun kafin mutum ya san abin da ya gani.

Abin da nake yi shi ne maski biyu, kowane da aikinshi.

Na farko na model ne. Wannan a bar shi ya ɗan hau kan firam da fiksel huɗu zuwa takwas, ba komai, ana ma son hakan. Manufar ita ce dutsen ya wuce iyaka kaɗan don kada a samu wurin da tsohon fenti zai leƙo. Tagogin da za su fito a wannan hoton ko sun lalace ba ruwanka, zubar da su za a yi.

Na biyu shi ne na mannawa, kuma a nan ne wahalar aikin take. Ana zana shi a kan asalin hoton mai 4000 da 3000, ba a kan wanda aka rage ba. A can ƙofar ta kai kusan fiksel 820, firam ɗin kusan 20, kana ganin bakinshi tar. Kada ka yi shi da burushin da ke cikin ComfyUI, hannu ba ya jan miƙaƙƙen layi da linzamin kwamfuta. Buɗe Photoshop ko GIMP ko Photopea, ɗauki `Polygonal Lasso` ko `Pen`, ka zagaye fuskar ginin gaba ɗaya ka cika da fari, sannan ka bi taga ɗaya bayan ɗaya, kusurwa huɗu, ka cika da baƙi. Fari shi ne a canza, baƙi a bari. Ƙofofi, allunan shaguna, na'urar sanyaya ɗaki, mitar wuta, bututun ruwan sama, duk baƙi. Ka adana shi PNG, domin JPEG tana ɓata bakin layi da ɗige-ɗige.

In wannan ya kammala, na farkon ba sai ka sake zanawa ba. Rage na biyun zuwa 1024 da 768 ka faɗaɗa shi da `GrowMask`, ya zama na model.

Daga ƙarshe ka ɗaga hoton da model ya fitar zuwa girman asali, ka ɗora shi a kan asalin ta cikin maski na biyu. A ComfyUI `ImageCompositeMasked` ke yin wannan: asalin a `destination`, sabon a `source`. Mai son Python kuma ga shi:

```python
from PIL import Image, ImageFilter
asali = Image.open("asali.png").convert("RGB")
sabo = Image.open("sabo.png").convert("RGB").resize(asali.size, Image.LANCZOS)
maski = Image.open("maski.png").convert("L").filter(ImageFilter.GaussianBlur(1))
Image.composite(sabo, asali, maski).save("gamawa.png")
```

Ɗaya ɗin nan da ke cikin `GaussianBlur` ya isa, don kawai bakin kada ya yi kamar an yanka da almakashi. Bayan haka tagogin da ke hoton na Alhaji ne na gaske, fiksel ɗin da kyamarar wayarshi ta ɗauka, ba wanda ya bi ta cikin model.

Abdulmalik:
Anti Allah ya saka da alheri. Tagogi goma sha ɗaya ne da ƙofofi huɗu, zai ɗauke ni lokaci. Ba zan iya sa SAM ya yanko mani su ba?

Anti Bilkisu:
Za ka iya farawa da shi, Segment Anything yana gane taga da ƙofa sarai. Amma bakin da yake bayarwa yana rawa, kusurwa kuma yakan zagaye ta. A jikin mutum ko mota ba a damuwa, a gini kuwa miƙaƙƙen layi shi ne komai. Ni na ƙidaya, gyaran abin da ya yanko yana cin lokacin da zan zana da kaina. Taga dannawa huɗu ce. In ka zauna, kafin la'asar ka gama.

Musbahu Daura:
Salamu alaikum. Ni tawa matsalar ta ɗan bambanta amma ina ganin gida ɗaya suke. Gidanmu na gado a nan Daura, zauren ginin ƙasa ne mai zankwaye a kusurwoyi, da rawani, da indararo biyu. Daga baya aka yi mashi shafen siminti, yanzu duk ya tsattsage. Yayyena suna son a mayar da shi yaɓen gargajiya irin na makuba, na ce bari in nuna masu a hoto tukuna. Da na gwada, zankon ɗaya ya gajarce, ɗayan ya koma kamar bututun hayaƙi irin na gidajen Turawa, indararo kuma ya ɓace. Abin ya ɓata mani rai, don zankwayen nan su ne gidan. Kakanmu ne ya sa aka yi su.

Anti Bilkisu:
Malam Musbahu, taka ta fi wuya, domin kai zankon yana cikin abin da za a canza wa fata, amma ba a son siffarshi ta motsa. Taga ana cire ta daga maski a huta. Zanko ba ya ciruwa, dole a shafa shi.

Abu biyu za su riƙe maka shi. Maskin mannawa ya bi bakin zankon daidai, sararin sama ya zama baƙi, ta yadda ko model ya ƙara wani abu a sama za a yanke shi. Amma wannan ƙari kawai yake hanawa, ba ya hana ragi. In model ya gajarta zankon ya zana sama a inda kanshi yake, mannawa za ta kawo maka shuɗin sama a cikin siffar zanko. Don haka sai ka haɗa da ControlNet ya riƙe siffar tun a lokacin zanawa. A cikin nau'o'inshi kada ka ɗauki MLSD, shi miƙaƙƙun layuka kaɗai yake gani, zanko kuwa a lanƙwashe yake, zai tsallake shi kamar babu. Depth ko Lineart sun fi dacewa da kai. Indararo kuma saka shi a baƙi kamar taga, amma inuwarshi da ke kan bango ka bar ta a fari.

Musbahu Daura:
Na gwada Canny jiya kafin in yi tambaya. Zankon ya tsaya, amma duk tsagar simintin ta dawo a cikin sabon yaɓen.

Anti Bilkisu:
Haka yake yi, ba ya bambanta bakin gini da tsaga, duk layi layi ne a wurinshi. Adana hoton layukan da ya fitar, ka buɗe shi ka goge duk abin da ke tsakiyar bango da baƙin burushi, ka bar bakin gini da ƙofar zaure kawai. Sai ka mayar da shi kai tsaye ba tare da ya sake bi ta `preprocessor` ba.

Wani abu kuma, yaushe ka ɗauki hoton?

Musbahu Daura:
Cikin hunturun da ya wuce, da rana.

Anti Bilkisu:
In akwai hazo a ranar, sake ɗauka. Hazo yana mayar da sama launin ƙasa, bangon ma launin ƙasa, bakin ginin ya ɓace wa na'ura har ma da idonka lokacin zana maski. Ɗauka da hantsi ranar da sama ta washe. Kuma in wani ne zai turo maka ta WhatsApp, ya turo a matsayin `Document`, in ba haka ba za a matse hoton a rage shi kafin ya iso.

Nura Ƙofar Sauri:
Ba a amsa batun tagar da ta fito daga babu ba. Ni dai ina rubuta `window, door` a `Negative prompt` kuma yana aiki.

Abdulmalik:
Na sa. Cikin hotuna takwas, biyu sun sake kawo ta.

Anti Bilkisu:
Yana ragewa, ba ya kashewa. Model ya ga dubban gine-gine, ya saba in akwai faffaɗan bango a hawa na sama to akwai taga a ciki. Da `denoise` 1.0 ka ba shi fili fetal, zai cika shi da abin da ya saba. Kuma ku lura, in ka rubuta `building` ko `house` a umarninka, kai da kanka ka gayyato tagar. Rubuta abin da kake son ya cika wurin kawai, misali `stone tile wall cladding, grey, daylight`.

Amma hanyar da na fi amincewa da ita ta dawo da mu kan 0.4 ɗin Nura, don a nan yana da gaskiya. Je shagon da Alhaji zai sayi tayil ɗin, ka ɗauki hoton ainihin samfurin a miƙe. Jera shi a Photoshop ya zama bango, ka ja kusurwoyin da `Distort` su bi karkatar ginin, ka ɗora a kan fuskar. Zai yi kama da takarda da aka liƙa, ba komai. Wannan za ka ba model, da `denoise` tsakanin 0.35 da 0.5. Yanzu ba ƙirƙira yake ba, gyara haske da haɗa gaɓoɓi kawai yake. Ba zai kawo taga ba don ya tarar da dutse a wurin. Kuma girman tayil yana hannunka: in mai santimita 30 da 60 ne, a hotonka fiksel 30 da 60 ne, ƙofar shago ta ɗauki layi bakwai daga ƙasa zuwa sama. Ƙirga layukan da ke gefen ƙofa a hoton da ka fitar da farko ka gaya mani.

Abdulmalik:
Huɗu ne. Wato kowane dutse ya haura rabin mita a tsaye. Wallahi ban lura ba sai yanzu, kuma da na kai mashi haka da abin da zai je nema a kasuwa ke nan.

Malam Lawal mai tayil:
Yauwa, an zo wurina. Hajiya Bilkisu, duk abin da kika faɗa na kwamfuta ban da ta cewa. Amma ku masu hoto kuna cewa kada a taɓa taga, ni kuma da nake ɗora tayil ina gaya maku tagar sai ta canza kama ko ba a taɓa ta ba. Tayil da turminshi in an haɗa suna ƙara wa bango kauri, santimita biyu, wani lokaci uku in bangon ba shi da daidai. Tagar da take daf da fuskar bango sai ta koma ciki. Sannan akwai kumatun taga, wato kaurin bangon da ke shiga ciki daga fuska zuwa firam. Nan ma dole a yanke shawara, ko a juya tayil ya shiga, ko a bar filasta a yi fenti, ko a sa ƙarfen kusurwa. Na taɓa yin wani aiki a Layout, mai gidan ya zo da hoto mai kyau daga wurin wani yaro, da muka gama ya ce ba haka ya gani ba. A hoton dutse ya tsaya cak a bakin gilashi kamar an buga da inji. A ƙasa kuwa ga bakin tayil yana leƙe, ga inuwa. Sai da muka yi kwana uku muna sa kusurwa da kuɗin da ba a yi lissafinshi ba.

Hassana:
Baba wannan ai shi ne tambayar: kumatun tagar fari za a sa su a maski ko baƙi?

Anti Bilkisu:
Baba Lawal ya taɓo inda ni ma ba ni da amsa guda. Ni baƙi nake sa su. Dalilina, siriri ne wurin, a hoton Abdulmalik bai wuce fiksel goma ba in an ɗauka daga gefe, model ba zai iya zana tayil mai ma'ana a ciki ba, sai dai ya cakuɗa. Ina barin su, in launin ya yi karo da dutsen in ɗan rage masu haske da hannu.

Nura Ƙofar Sauri:
Ni kuma fari zan sa. In ka bar su da tsohon fenti ai zoben nan da kika ce a guje wa ya dawo, sai dai ta gefe ɗaya.

Malam Lawal mai tayil:
Ku tambayi mai ginin abin da zai biya. In zai juya tayil, ku nuna an juya. In ba zai juya ba, ku bar fentin ya gani da idonshi tun yanzu, ƙila ganin ya sa ya ƙara kuɗin.

Abdulmalik:
Zan kira shi in ji. Na gama maski na biyu, na manna, tagogin sun dawo garau har labulen ofishin sama ana gani, rubutun allon ma ya dawo. Saura abu biyu. Inuwar da ke ƙarƙashin bakin kwano ta ɓace, ginin ya zama kamar ba shi da nauyi. Sannan bangon ya yi laushi, tagogin kuma kaifi, ana gane ba tare aka ɗauke su ba.

Anti Bilkisu:
Inuwar tana cikin asalin hoton, ɗauko ta za ka yi. Kwafi asalin, cire mashi launi ya koma baƙi da fari, ka ɗan dusashe shi don tabon fenti da tsaga su ɓace, ka ƙara haske har bangon da rana ta haska ya zama fari sosai, inuwa kaɗai ta rage. Ɗora shi a kan dutsen da `Multiply`, ta cikin maskin nan dai. Inuwar kwano da ta baranda da ta bishiya duk za su koma mazauninsu. Wannan ya fi sauƙi in tsohon fentin launi ɗaya ne. In mai launi biyu ne, sai ka goge iyakarsu da hannu, in ba haka ba za ta fito kamar inuwar ƙarya.

Laushin kuma daga ɗagawa ne, ka ja 1024 zuwa 4000, kusan ninki huɗu. Bi da sabon ta cikin model na ɗaga hoto irin su ESRGAN kafin ka manna, sannan ka yayyafa ɗan `Add Noise` a bangon kawai har ya yi daidai da ƙwayar hoton waya. Ko kuma, in a waya Alhaji zai kalla, ka rage aikin da ka gama zuwa faɗin 2000, bambancin zai ragu sosai.

Kafin ka tura, yi gwaji ɗaya. Ɗora wanda ka gama a kan asalin ka sa `Difference`. Duk inda bai canza ba zai yi baƙi ƙirin. Tagogi, ƙofofi, kwano da sama dole su zama baƙi, bango kaɗai zai yi haske. In ka ga siririn haske yana bin bakin kwano ko gefen gini, to maskin ya zarce, ko kuma hotunan biyu sun goce wa juna. Gocewar takan faru in tsawo ko faɗin hoton da ka ba model bai rabu da takwas ba, sai a datse gefenshi. Naka 1024 da 768 lafiya lau ne.

Abdulmalik:
Na yi `Difference`. Komai baƙi sai wuri ɗaya: akwai bedi a gaban shagon ƙarshe, rassanshi sun ratsa bangon, ga kuma wayoyin wuta uku da suka gitta ta sama. Maskin ya haɗiye su, wayar ta zo daga sama ta yanke a bakin gini ta ci gaba a ɗaya gefen.

Musbahu Daura:
Wayoyin nan ni ma suna gaban zaurenmu. Ni cewa na yi a goge su gaba ɗaya, hoton ma ya fi kyau.

Hassana:
In ka goge na kan bango dole ka goge na sama, ka ga ka taɓa abin da aka ce kada a taɓa.

Anti Bilkisu:
Waya mai sauƙi ce, ja layi da `Pen` a kanta, kauri fiksel uku ko huɗu a babban hoton, ka cika da baƙi a maskin mannawa. Ganyen bedi ne aiki. Gwada `Color Range` ka zaɓo koren, tunda bangon ruwan madara ne za su rabu, amma tsakanin ganye za ka ga ɗigon tsohon fenti yana leƙe, kuma yanzu bayanshi dutse ne mai duhu. Ni sau da yawa komawa nake in sake ɗaukar hoton daga inda bishiyar ba ta shiga gaban bango ba.

Abdulmalik:
In na matsa dama bedin zai fita, amma taransifoma za ta shigo. Bari in je gobe da hantsi in duba daga tsallaken titi, in ya so in sake maskin. Alhajin ma ya ce zai zo wurin, sai in tambaye shi maganar kumatun tagar a gaban ginin. Baba Lawal, in kana kusa da Ƙofar Ƙaura da misalin ƙarfe tara, da na so ka gani da idonka.

Malam Lawal mai tayil:
Ina da aiki a Ƙofar Marusa da safe, amma zan biyo in Allah ya yarda. Ka zo da tef ɗin awo, da samfurin tayil ɗin guda ɗaya in ka samu, mu kara shi a gefen tagar mu ga inda bakinshi zai tsaya.